Firizata ta tsaya: in gyara ko in sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Anguwar Rogo a Jos, ina sana'ar zoɓo da kunun aya. Firizata mai murfi a sama ce, lita 300, tun 2016 na saye ta. Bara an yi mata gas sau biyu. Yanzu ta daina sanyi gaba ɗaya, sai ta ɗan yi gurnani ta ce ƙat ta yi shiru. Mai gyara ya ce kwampreso ne, naira 140,000 har da gas da kuɗin aiki. Sabuwa irinta 520,000 aka ce mini. Maigida ya ce tunda gyaran bai kai rabin kuɗin sabuwa ba, a gyara kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba da kuɗin nan tukuna, kada kuma ki nufi kasuwar Taminus neman sabuwa. Akwai gwaji guda biyu da ya kamata a yi wa firizar nan kafin a yanke hukunci, kuma duka biyun ba za su ci miki kuɗin da ya kai na cefanen mako ba. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki a garin nan, kuma abin da ya fi ɗaukar mini hankali a cikin bayaninki ba kwampreson ba ne. Gas ɗin nan na bara ne.

Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa. Mutane da yawa sun ɗauka kamar gas ɗin girki ne, ana amfani da shi yana raguwa, to ba haka ba ne. Yana zagayawa ne cikin bututu rufaffe, daga kwampreso ya bi jikin firiza ya dawo, kuma in babu huda, wanda kamfani ya zuba zai iya kaiwa ranar da za a jefar da firizar. Saboda haka duk firizar da aka yi wa gas, a wani wuri tana yoyo. In an gano wurin an liƙe, shi ke nan. In kuwa mai gyara ya zo da gwangwaninsa ya ɗura ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bayan 'yan watanni aka sake kiransa, to ruwa ake zubawa a kwando.

Ga yadda yoyon yake kashe kwampreso. Kwampreso shi ne injin nan baƙi da ke can ƙasa, a rufe yake ruf, kuma gas mai sanyi da ke dawowa daga cikin firiza yana taimaka masa wajen huce zafi. Idan gas ya ragu, firiza ba ta kai sanyin da za ta tsaya ta huta, sai injin ya wuni ya kwana yana aiki, ga kuma abin da ke sanyaya shi ya yi ƙaranci. Bayan haka hudar da gas ke fita ta nan, iska da danshi ma suna iya shiga ta nan. Danshi in ya haɗu da man kwampreso yana ɓata shi, man ya yi tsami ya fara cin rufin wayar da aka naɗe a ciki. Wata rana sai injin ya ƙone ko ya cije. To in aka ɗora sabon kwampreso a kan wannan hudar ba a taɓa ta ba, hanyar da ta kashe na farko ita za ta kashe na biyu.

Ban faɗi wannan don na karanta a littafi ba. A farkon fara aikina, wani mai sayar da kifi a Bukuru ya kawo mini firiza kamar taki, yana sauri don kayansa na narkewa. Na sa masa sabon kwampreso, na yi gas, ta kama ƙanƙara kafin magariba, ya biya yana ta sa mini albarka. Cikin Disamba ne. Kafin ƙarshen Maris ya dawo da ita a bayan a-kori-kura, fuskarsa kamar hadari. Hudar tana cikin bango, ban gwada ba. Ni na ɗauki asarar kwampreson, kuma tun daga ranar ban sake ɗora inji a kan firizar da ban kwana da ita a kan geji mai auna matsin iska ba.

Amma mu fara da gwaji na farko, don mai yiwuwa ne kwampreson ma da ransa. Wannan ƙarar da kike ji ta wani ɗan ƙaramin abu ce da muke kira obalod, mai gadin inji. Idan inji ya yi yunƙurin tashi ya kasa, yana jan wuta fiye da kima, sai obalod ya yi zafi ya yanke wutar, shi ne ƙat ɗin. In ya huce bayan 'yan mintoci ya sake haɗawa, a sake maimaitawa. Ƙarar tana nufin inji bai tashi ba ne kawai, ba ta faɗi dalili ba. Dalilan kuwa uku ne aka fi gani: ko injin ya mutu, ko rilen da ke tayar da shi ya lalace, ko wutar ta yi ƙasa.

Na wuta shi ne mafi sauƙi. Firiza an yi ta ne don bolt 220 zuwa 240. A unguwanninmu da yamma, lokacin da kowa ya jona hita da dutsen guga, wuta takan sauko ƙasa da 190, kuma a nan kwampreso mai cikakkiyar lafiya ma zai iya kasa tashi ya riƙa yin wannan ƙarar. A sa mita a soket a gani, ko a gwada firizar a kan janareto mai ƙarfi. Rile kuwa ɗan abu ne kamar akwatin ashana da ke maƙale a gefen inji. A ciro shi a girgiza kusa da kunne; in ana jin kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa, farantin da ke ciki ya farfashe. Kuɗinsa 'yan dubbai ne. Na sha ganin an yanke wa kwampreso hukuncin kisa alhali rile ne ya mutu, wani lokaci da gangan, galibi dai don gaggawa.

Ki ce wa mai gyaran ya auna injin a gabanki. In ya cire rile za ki ga ƙusoshi uku, ana kiransu C da S da R. Zai sa mita tsakanin kowane biyu, ya sami lamba uku, kuma ƙananan biyun in aka haɗa su sai su ba da babbar. Misali 12 da 18, babbar ta zama 30. In lissafin ya ƙi fita, ko wani wuri mita ta ƙi motsi sam, waya ta yanke ko ta ƙone. Sannan ya auna tsakanin kowace ƙusa da ƙarfen jikin inji. Nan bai kamata a ga komai ba, in an gani to wuta tana taɓa jiki, injin ya gama, kuma haɗari ne ga duk wanda ya taɓa firizar da jiƙaƙƙen hannu. In duk wannan ya fita lafiya, ya sa sabon rile ya maƙala mitar am a jikin waya. Inji mai lafiya na firiza irin taki yakan ja wajen am 1 in ya daidaita. In ya haura am 6 ko fiye yana gurnani har obalod ya yanke, ya cije daga ciki. Duk wannan bai fi aikin minti ashirin ba. Mai gyaran da ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ce ya mutu, ba tare da ya fito da mita ba, ki nemi wani ya sake dubawa.

To mu ɗauka an auna, injin ya mutu da gaske. Da tarihin firizarki, ni ma hakan nake zato. Sai gwaji na biyu, wanda shi ne zai raba gardama tsakaninki da maigida.

A firiza mai murfi a sama, bututun da ke kawo sanyi ba a ganinsa. An naɗa shi ne zagaye da akwatin ciki, aka zuba kumfa mai tauri ya rufe shi, aka sa ƙarfen waje. A mafi yawansu har bututun da ke fitar da zafi a cikin bango yake, shi ya sa in firiza na aiki kike jin gefenta da ɗumi. Kwampreso, rile, tamostat, robar murfi, filta, duk ana sayensu a kasuwa a sauya. Abin da ke cikin bangon nan kuwa ba a sayar da shi. Shi ne ainihin firizar, kuma lafiyarsa ita ce za ta faɗa miki ko kuɗin gyara zai dawo.

Yadda ake gwada shi: a cire tsohon inji, a toshe bakunan bututu, a raba ɓangaren sanyi da ɓangaren zafi, a ɗura wa kowanne iskar naitirojin, a bar allurar geji a kan lamba sananniya, misali 150, a rubuta. Sai a shafa kumfar sabulu a kan duk wani haɗi da aka yi walda a waje, kusa da inji da filta, a duba ko zai yi ƙwai. A bar shi ya kwana. Washegari a daidai lokacin da aka ɗura a sake duba allura. Na ce a daidai lokacin ne saboda sanyin daren Jos yana sa allura ta ɗan sauka da asuba ko babu huda, in rana ta yi ta koma. In bayan awa 24 tana inda aka bar ta, bangon lafiya lau. In ta faɗi kuma sabulu ya nuna wurin a waje, albishirinki, walda ce ta minti biyar. In ta faɗi, an bi ko'ina da sabulu ba a ga komai ba, to hudar tana cikin kumfa.

Abu ɗaya a nan ba na wasa ba ne: kada ki yarda a yi gwajin nan da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin in ta haɗu da man inji a matse tana iya fashewa. Wasu suna yi don ita ce a kusa da hannu.

Kafin ma mai gyara ya zo, akwai abin da idonki zai gaya miki. Ki tuna yadda ƙanƙara take kama bango a watannin ƙarshe: in a kusurwa ɗaya ko gefe ɗaya take taruwa, sauran bango a bushe, gas ya daɗe da raguwa. Ki kwashe kaya ki wanke ciki ki duba ƙasan akwatin da tocila, musamman kusurwoyi. Farin gari kamar gishiri a jikin alminiyon, ƙananan ramuka, ko wurin da ya kumbura, alama ce ruwa ya shiga bayan bango. Masu sana'a irin taki sun fi kowa gamuwa da wannan, don zoɓo yana da tsami, kuma in ƙulli ya fashe ya kwanta a ƙasa yana cin alminiyon a hankali. Ki duba ko akwai tabon wuƙa, don yara in aka sa su ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa suke yi. Sannan ki tuna ko bangon waje yana gumi, yana tara raɓa a wuri ɗaya lokacin da take aiki. In yana yi, kumfar wurin ta sha ruwa, kuma kumfar da ta jiƙe ba ta riƙe sanyi, ba ta kuma bushewa. Irin wannan firizar ko sabon inji aka sa mata ba za ta bar shi ya huta ba, kuma da an ɗauke wuta kayanki za su fara narkewa.

Yanzu maganar maigida. Ba shi kaɗai ba ne, ƙa'ida ce da ake yawan faɗa, cewa in gyara bai kai rabin kuɗin sabo ba a gyara. A kan takarda ma ya yi gaskiya, kuɗin gyaranki bai fi kashi 27 cikin ɗari na sabuwa ba. Matsalar ƙa'idar ita ce tana auna kuɗi da kuɗi, ba ta tambayar me kuɗin zai saya. Kuma tun da aka saki naira a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, kusan kowane gyara sai ya faɗo ƙasa da rabin sabo, har da gyaran da bai kamata a yi ba. Ni yadda nake lissafawa mutane shi ne: kuɗin nan da za ki fitar, shekara nawa na sanyi zai saya miki? Sai a raba.

Mu fara da sabuwa. Tsohuwar ba za ta tafi a banza ba, masu gyara da 'yan gwangwan suna saye; mu ƙaddara an ba ki 40,000. Abin da zai fita daga aljihunki 480,000 ke nan. Firizar sana'a da ake buɗewa sau talatin a rana, ga wutarmu yadda take, ni shekara 10 nake ba ta a lissafi, in ta wuce riba ce. Kowace shekara ta tashi a 48,000.

In gwaji ya nuna bango lafiya, aka sa sabon kwampreso na gaske aka yi aikin yadda ya kamata, zan iya sa ran shekara 4 zuwa 5. Mu ɗauki 4 don kada mu yaudari kanmu. Ki ƙara 15,000 na gwaji da 'yan ƙananan abubuwa, ya zama 155,000. Kowace shekara ba ta kai 39,000 ba. Gyara ya yi nasara, kuma ga sauran kuɗinki sama da 300,000 suna juyawa a cikin aya da sukari maimakon su kwanta a kusurwar ɗaki. Ga mai ƙaramin jari wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In kuwa hudar tana ciki aka rufe ido aka ɗora inji, da wuya ki ci shekara guda lafiya, kuma a cikinta za a yi gas aƙalla sau ɗaya. Shekara ɗaya a kan 140,000 da ɗoriya, wato kusan ninki uku na sabuwa, a ƙarshe kuma sai kin sayi sabuwar, a farashin baɗi.

Akwai hanya ta huɗu da za a kawo miki, gara ki ji ta daga bakina. Za a ce a yi mata sabon layi: a bar bututun da ya huje a cikin bango, a naɗa sabon bututun jan ƙarfe a cikin akwatin, a rufe da falle na alminiyon. Ana yi, ni ma ina yi, kuma tana sanyi. Sai dai cikin firiza yana raguwa, bututun yana kusa da hannu da wuƙa, ruwa yana maƙalewa bayan fallen, kuma adadin gas da ke rubuce a jikinta ya daina aiki, sai dai gwanintar mai gyara. In sabon layin ya ci 70,000 a kan kuɗin inji, an kai 210,000; a ba shi shekara 3, kowace shekara 70,000. Ya fi sabuwa tsada. Ina ba da shawararsa ne kawai ga wanda injinsa ke da rai, ko wanda ba shi da hanyar kuɗin sabuwa sam kuma sana'a ba za ta jira ba.

Ki lura ban sa kwanakin zama ba a lissafin. Ke kika san ribarki ta yini. In 4,000 ce, duk lalacewar da ta zaunar da ke kwana goma ta ci 40,000, ban da kunun da ya yi tsami, ban da masu shagon da suka saba karɓa a wurinki suka koma wurin wata. Firizar gida in ta tsaya a kai nama gidan maƙwabta. Ta sana'a dole a tsananta mata hukunci fiye da haka.

Kuɗin wuta kuma, mutane suna zuzuta shi fiye da kima ko su manta da shi gaba ɗaya. Ya danganta da layin da kike. Tun Afirilun 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, waɗanda suka fi samun wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200, sauran rukunan kuwa suna biyan ƙasa da haka nesa ba kusa ba. In tsohuwa tana shan yunit 2 a yini, sabuwa 1.2, bambancin shekara ya kai wajen yunit 290. Ga ɗan rukunin A wannan ya kusa 60,000, ya isa ya juya lissafin gaba ɗaya zuwa sabuwa. Ga wanda wutarsa ke da araha kuma ba ta wuce 'yan awoyi a rana, bai kai ya hana gyara ba. Ki duba rasit ɗin katin mitarki ki ga nawa ake sayar miki da yunit.

To in an tsaya a kan gyara, 140,000 ɗin nan a fasa ta a gani. Mai gyaran ya rubuta miki nawa ne inji, nawa ne gas, nawa ne aiki, kuma wane irin inji. Kwampreso iri uku ne a kasuwa: sabo fil, na Beljiyam da aka ciro daga tsohuwar firizar waje, da wanda aka yanka aka sake naɗa wayarsa aka yi walda aka fesa baƙin fenti. Na ukun shi ake yawan sayarwa da sunan na farko. Sabo yana zuwa da toshiyar roba a bakunan bututunsa, in an zare sai ki ji ɗan huci, bakunan kuma jan ƙarfe ne tas babu tabon wuta. Wanda aka taɓa amfani da shi za ki ga guntun bututu da ƙunar walda, wanda aka yanka kuma ɗinkin da ya zagaye cikinsa ba ya yin sumul kamar na kamfani, wani lokaci har fenti ya hau kan takardar jikinsa. Na Beljiyam mai kyau ba laifi ba ne in an faɗa miki gaskiya aka rage kuɗi, amma shekara 2 za ki sa masa a lissafi, ba 4 ba.

Sai ki leƙa bayan firizar, akwai takarda da aka manna. A kanta an rubuta irin gas, ko R134a ko R600a, da nauyinsa a giram. Injin da za a saya dole ya zama na wannan gas ɗin, kuma ƙarfinsa daidai da na tsohon. Ba a musanya su, don kowanne da irin mansa da girman cikinsa. In R600a ne, yana kama wuta, kuma ɗan kaɗan ake zubawa, galibi bai kai giram 100 ba, saboda haka da sikeli ake auna shi. Giram goma sama ko ƙasa yana canza aikin firiza. Kada a kunna wutar walda sai an tabbatar tsohon gas ya fita, a waje, ba a cikin kicin kusa da risho ba.

Abu uku ne ke bambanta aikin da zai daɗe da wanda zai dawo. A wanke layin, musamman in man tsohon inji ya fito baƙi yana warin ƙuna. A sauya filta, ɗan bututun nan mai kama da yatsa, wanda ke tsotse danshi. Kuɗinsa kaɗan ne amma barin tsohon yana toshe siririn bututun da ke bayansa. Sannan a zuƙe iska da injin bakum na aƙalla rabin awa kafin a ɗura gas. Da yawa suna tsallake na ƙarshen, su yi amfani da kwampreson kansa ya fitar da iskar. Firiza za ta yi sanyi ranar, ba za ki gane bambanci ba sai bayan watanni.

Ki biya rabi, sauran sai ta yi kwana biyu tana aiki. Abin da za ki duba ba ƙanƙara kawai ba ne: ƙanƙarar ta kama bango ko'ina daidai, kuma in wuta ta zauna injin ya riƙa tsayawa da kansa yana hutawa. Ki nemi garantin wata uku a rubuce, ki kuma karɓi tsohon injinki, naki ne. Wani abu da ya shafi garinmu: sanyin Jos yana rufa wa firiza mai rauni asiri. Tsakanin Nuwamba da Janairu ko rabin gas ne a ciki za ta daskarar da ruwa. Sai zafin Maris da Afirilu ya shigo, daidai lokacin da kasuwar zoɓo ke ci, sannan gaskiya ta fito. In a hunturu aka yi gyaran, ki roƙi garantin ya kai ki cikin zafi, ko da za ki ƙara wani abu.

In kuma sabuwa ce, ki sa kuɗin mota da na sitabilaiza a cikin lissafi, mai jinkirta wuta na 'yan mintoci in an kawo, don dawowar wuta nan take bayan ɗaukewa tana wahalar da inji. Ita sitabilaizar ko gyara kika yi kina buƙatarta. Ki karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shago, ki tambayi a ina masu gyaran kamfanin suke a Jos, don garantin da sai an kai Legas ba shi da amfani gare ki. In an kawo ta a kwance ko a karkace, a bar ta a tsaye wasu awoyi kafin a jona. Firizar Beljiyam kuwa, a matsayinki ba na ba ki shawara. Tsohuwa ce ita ma, ba ki san shekarunta ba, kuma bangonta a rufe yake kamar na taki.

In kin tambaye ni inda zuciyata ta karkata: gas sau biyu cikin shekara ɗaya, a firizar da ta daɗe tana ɗaukar zoɓo, ba a kuma taɓa nuna miki wurin da aka liƙe ba, na fi zaton hudar tana ciki, kuma da ƙanwata ce sai in ce ta fara haɗa kuɗin sabuwa, ko da mai lita 200 ce in ta 300 ta yi nauyi. Amma zato ba ya hana gwaji. Ki kira mai gyaran ki tambaye shi a ina ya sami yoyon bara, ki ce kuma kina so a kwana da ita a kan geji kafin a sayi komai, za ki biya kuɗin gwajin daban. Ki ɗauki hoton allurar da wayarki lokacin da aka ɗura, ki sake ɗauka washegari, ki nuna wa maigida hotunan biyu.